Sibin na gida da sibin baƙo: yadda ya kamata a karanta kowanne idan gurbi ya buɗe

A duk ma'aikatar da kujera ta sama ta zama babu kowa, ko don mai ita ya yi ritaya ko don ya samu wani wuri, akan wayi gari da takardu iri biyu a kan teburin kwamitin tantancewa. Akwai takardar tarihin aiki, wadda aka fi sani da sibi, ta mutumin da ya ga sanarwa ya aiko daga waje. Akwai kuma ta ma'aikacin da ya shekara biyar ko goma a cikin gidan yana jiran irin wannan rana. A ido takardun iri ɗaya ne: suna, karatu, wuraren da aka yi aiki, sunayen waɗanda za su ba da shaida. Shi ya sa kwamitoci da yawa ke jera su wuri guda su karanta su da ido ɗaya, suna ganin hakan shi ne adalci. Ni a ganina a nan ne ake fara zaluntar ɗaya daga cikinsu ba tare da an sani ba, domin aikin da takardar ke yi a hannun baƙo daban yake da wanda take yi a hannun na gida.

Sibin baƙo da'awa ce. Shi ya zauna ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai yi shiru a kansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa, haka ake rubuta ta. Ma'aikatar ba ta san komai game da shi ba sai wannan, don haka duk matakan tantance baƙo an gina su ne a kan tambaya ɗaya: abin da ya faɗa gaskiya ne? Da farko ana tace takardun da sharuɗɗan da aka sa a sanarwa, kamar matakin karatu, yawan shekarun aiki, da takardar shaidar hidimar ƙasa ko ta yafewa ga wanda ya yi digiri ko babbar difloma a Najeriya. Wanda ya rasa ɗaya a nan ake ajiye tasa, ko da shi ne gwanin gwanaye, saboda mutum biyu ko uku ba za su iya zama da masu nema ɗari uku ba. Waɗanda suka tsallake sai a gwada su da jarrabawa ko wani aiki, a yi musu intabiyu, a duba ainihin takardun makaranta, a tuntuɓi wuraren da suka ce sun yi aiki. Bayan duk wannan ma ba a sakin jiki, sai an ba mutum wa'adin gwaji kafin a tabbatar da shi.

Na gida kuwa an riga an san amsar wannan tambayar. Ranar da ya fara aiki tana cikin fayil, takardunsa an duba su tun shigowarsa, kuma an ga aikinsa da ido safe da yamma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar da ta rage game da shi wata ce daban: wannan da muka sani a kujerarsa ta yanzu, zai iya riƙe ta sama? Sibinsa ba za ta amsa wannan ba, fayil ɗinsa ma rabi kawai zai amsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla. A ce wani kamfanin rarraba kayan abinci a Kano yana neman shugaban sito, mai kula da ɗakunan ajiya uku da ma'aikata goma sha biyu. Mutum biyu suka kai zagayen ƙarshe. Na farko mataimakin shugaban siton ne, shekararsa shida a kamfanin. Sibinsa shafi ɗaya ce, ya rubuta ta cikin dare ɗaya, kuma abin da ya sa a ƙarƙashin aikinsa na yanzu bai wuce layi biyu ba: yana kula da shigar kaya da fitarsu, yana haɗa rahoton ƙarshen wata. Na biyu ya zo daga wani kamfani, sibinsa shafi uku a tsare tsaf, kuma a ciki akwai jimlar da ta ja hankalin kowa a kwamitin: ya rage asarar kaya da kashi 30 cikin 100 a cikin shekara biyu.

Duk wanda ya karanta takardun biyu a jere zai karkata ga baƙon. Amma kashi 30 ɗin nan daga nawa ne zuwa nawa? A ce an tambaye shi a intabiyu ya ce da ya je ya tarar ana rasa buhu 10 a cikin kowane 1,000, ya bar su a kan buhu 7. Lissafinsa daidai ne, kuma aiki ne na a yaba. Sai dai idan kwamitin ya aika aka ɗauko littattafan ƙidayar kaya na ɗakin ajiyar da mataimakin ke riƙe da shi, mai yiwuwa a tarar shekara uku ke nan asararsa ba ta wuce buhu 4 a cikin 1,000 ba. Shi bai rubuta ba, domin a zuciyarsa ai kowa ya sani. Alhali mutum biyu daga cikin huɗun da ke kwamitin daga sashen kuɗi da sashen ma'aikata suka zo, ba su taɓa buɗe littafin sito ba. Ka ga idan aka tsaya a kan takarda, an fifita 7 a kan 4.

Ko da an gano haka, bai kamata a yi saurin yanke hukunci ba. Wataƙila baƙon ya gaji rumbu mai yoyo da ɓeraye da ma'aikata masu dogon hannu, shi kuwa na gida ya tarar da tsari mai kyau ya ci gaba da shi. Gyara ɓarna da kiyaye gyara gwaninta biyu ce, kuma kwamitin ne zai tambayi kansa wacce kamfanin ke buƙata a yanzu. Abin da nake so a lura da shi shi ne hanyar da aka bi aka samu kowace lamba. Ta baƙo daga bakinsa ta fito, sai an nemi wanda zai tabbatar da ita. Ta na gida tana kwance a kabad, sai dai an ƙi tashi a ɗauko. Kwamitin da ya hukunta na gida da abin da ya rubuta kawai ya watsar da hujja mafi ƙarfi da yake da ita.

Sanin da aka yi wa na gida kuma yakan juya ya zama masa cikas, kuma wannan ne ya fi damuna. A cikin fayil ɗin mataimakin nan akwai takardar tuhuma ta shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ya saki mota ba tare da an sa hannu a takardar rakiyar kaya ba. Ya amsa, an ja masa kunne, bai sake ba. Haka kuma kowa na tuna ranar da ya ɗaga murya ga wani direba a bakin ƙofa. Baƙon ma ɗan Adam ne, da wuya a ce ya yi shekaru yana aiki bai taɓa kuskure ba, amma nasa kurakuran sun tsaya a fayil ɗin da kwamitin ba zai taɓa gani ba. Mutanen da ya sa su ba da shaida shi ya zaɓe su, kuma tsohon wurin aikinsa sau da yawa ba zai faɗi abin da ya wuce ranar shiga da ranar fita da muƙami ba. Sai a wayi gari ana gwada mutum da dukan tabonsa da hoton da wani ya gyara da hannunsa. Sau da yawa a haka ake yi wa rogo kallon kitse.

Maganin wannan ba ɓoye fayil ba ne. Ana iya sa wa tarihin na gida iyaka tun kafin a buɗe takardar kowa, a ce shekara uku na baya-bayan nan za a duba, kuma laifin da aka hukunta aka rufe ba za a sake tono shi ba sai idan ya maimaita. Sannan a matsa wa baƙo ya fito da nasa tabon: a tambaye shi ranar da ƙidaya ta ƙi daidaita a hannunsa, buhu nawa suka ɓata, wa ya fara sanarwa, me ya canza daga baya. Wanda ya taɓa riƙe sito da gaske yana da irin wannan labarin, zai kuma ba da shi da lambobi da ranaku. Wanda ya ce bai taɓa samun giɓi ba, ko dai bai riƙe sito ba ko yana ɓoyewa. A kuma nemi izininsa a yi magana da shugabansa na kai tsaye a wani wurin da ya bari, ba wanda ya zaɓa kaɗai ba.

Akwai binciken da ya nuna abin da ke faruwa idan kyan takarda ya yi rinjaye. Matthew Bidwell na makarantar kasuwanci ta Wharton a Amurka ya wallafa nazari a 2011 a kan ma'aikatan sashen zuba jari na wani kamfanin hada-hadar kuɗi. Ya gano cewa waɗanda aka ɗauko daga waje sun fi na gida yawan karatu da shekarun aiki a takarda, kuma ana biyansu kusan kashi 18 cikin 100 sama da waɗanda aka ƙara wa girma zuwa irin kujerar. Duk da haka makin aikinsu ya yi ƙasa da na 'yan gida a shekara biyun farko, kuma sun fi yawan barin aikin, da kansu ko da kora. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikata na neman takardu masu nauyi daga baƙo saboda ba ta da wata hujja a kansa, shi kuma yana buƙatar lokaci kafin ya san wa ake nema idan abu ya tsaya, wane direba ne mai amana, wane dillali ne ke jinkirta biya. Wannan kamfani ɗaya ne a ƙasa ɗaya, bai isa ya zama doka ba, amma duk wanda ya taɓa karɓar sabon shugaba daga waje zai gane hoton.

Kada wannan ya sa a ɗauka na gida ne ke da gaskiya kullum. Fayil ɗin mataimakin ya tabbatar da cewa ya iya ƙirga, ya iya tsare kaya, yana da amana. Aikin shugaban sito kuwa kashi mai yawa nasa mutane ne: raba aiki ga goma sha biyu, hukunta wanda jiya tare suke cin abinci a kwano ɗaya, tsayawa gaban manaja a ce masa motar nan ba za ta fita ba sai an cika takarda. Wasu masu bincike uku, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue, sun wallafa nazari a 2019 a kan ma'aikatan sayar da kaya a kamfanonin Amurka da dama. Sun gano cewa kamfanoni sun fi ɗaga wanda ya fi kowa ciniki zuwa manaja, kuma yawan cinikin mutum ba ya nuna zai iya jagorantar wasu, sau da yawa ma waɗanda ke ƙarƙashin irin waɗannan gwanaye ba sa yin kyau kamar na ƙarƙashin wasu. Abin da ya fi nuna wanda zai iya shi ne ko ya saba aiki tare da abokansa. Ma'aikata takan yi asara biyu a nan, ta rasa gwanin ma'aikaci ta kuma samu shugaba mai rauni.

Don haka idan na ɗauki sibin na gida, ba jerin ayyukansa na kullum nake nema ba. Ina neman wuraren da ya taɓa leƙa kujerar sama. Ya taɓa riƙon ƙwarya lokacin da shugabansa ya tafi hutu ko aikin Hajji? Na sati nawa, kuma me ya faru da ƙidaya da zuwan ma'aikata a lokacin? Wa ya koya wa aiki, kuma ina mutumin yake yanzu? Ya taɓa kawo wata shawara da aka ɗauka? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma sati shida na riƙo sun fi shafi uku na kowace irin takarda bayani. Wannan dama ce da ma'aikata ke da ita a kan na gida wadda ba ta da ita a kan baƙo ko kaɗan: tana iya gwada shi a kan ainihin aikin kafin ta ba shi.

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya an daɗe da raba hanyoyin biyu a rubuce, kuma akwai darasi a yadda aka raba su. Mai shigowa daga waje yana bi ta Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya idan muƙamin daga matakin albashi na 7 ne zuwa sama, ana duba takardunsa da tsarin da ya fayyace karatun da kowane muƙami ke buƙata, kuma ana la'akari da jihar da ya fito saboda ƙa'idar raba daidai da ke sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999. Na ciki kuwa sai ya cika wa'adi a matakinsa kafin a dube shi: shekara biyu ga mataki na 6 zuwa ƙasa, uku ga mataki na 7 zuwa 14, huɗu ga mataki na 15 zuwa sama. Dole kuma a samu gurbi, kuma kada a ce akwai shari'ar ladabtarwa a kansa da ba a kammala ba. Sibinsa kusan ba ta da wani tasiri. Tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ta raba maki 100 gida uku: 70 ga jarrabawa ko intabiyu, 20 ga rahoton aikin shekara-shekara da ake kira APER, 10 ga daɗewa a mataki, kuma ana buƙatar 60 kafin a ce mutum ya ci.

A takarda tsarin ya yi kyau, amma a duba yadda lissafin ke fita. Kowa a ofis ya san shugaba ba ya son ya zama shi ya hana yaronsa ci gaba, ga shi kuma ma'aikacin yana ganin abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu. Sai kusan kowa ya fito da maki mai yawa. A ce jami'i mai ƙwazo ya samu 19 cikin 20, wanda ke zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ya samu 17. Shekara uku na aiki sun raba su da maki 2 kacal. Ranar jarrabawa mai ƙwazon ya samu 42 cikin 70, ɗayan da ya samu lokacin haddace dokokin aiki ya samu 55. Idan daɗewarsu ɗaya ce, a ce maki 6 kowanne, na farko ya tashi da 67, na biyu da 78, kuma idan gurbi ɗaya ne an san wanda zai hau. Wato ma'aikatar da ta ga mutum shekara uku ta koma ta hukunta shi da zaman awa biyu, daidai yadda za ta yi wa wanda ba ta taɓa gani ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa dokokin aikin gwamnati da aka sabunta a 2021 suka koma ga sabon tsarin auna aiki, inda ake yarjejeniya da ma'aikaci a kan abin da zai cim ma sannan a auna shi da shi. Ko sabon tsarin zai yi aiki ya danganta ne ga abu ɗaya, ko shugabanni za su yarda su rubuta maki daban-daban ga mutane daban-daban.

Ina fahimtar dalilin ba jarrabawa kaso mai tsoka. Inda sanayya ke da ƙarfi, makin da shugaba ke bayarwa yana iya zama ladan biyayya ko makamin ramuwa, jarrabawa kuwa ba ta san ɗan wane ba. Shi ya sa a kamfani ma ban yarda a bar wa shugaban mutum na kai tsaye hukunci shi kaɗai ba. Wani zai tura yaronsa don ƙauna, wani kuma zai danne shi don ba ya son rasa wanda ke ɗauke masa nauyi, kuma wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ana gane shi idan rahotannin shekara-shekara duk yabo ne, amma da maganar ƙarin girma ta taso sai a ji “bai nuna ba tukuna” ba tare da misali ko ɗaya ba. A irin wannan hali sai a nemi hujjar da ba ta bi ta bakin mutum ɗaya ba: rahoton masu binciken kuɗi, littafin ƙidaya, da ra'ayin shugabannin wasu sassa da suke hulɗa da shi.

Mu koma kan siton. Abin da ya dace kwamitin ya yi shi ne ya rubuta abin da kujerar ke buƙata tun kafin ya ga sunan kowa, a ce abu huɗu: tsare kaya, jagorantar mutane, iya aiki da manhajar ƙidaya, da tsayawa kan ƙa'ida a gaban manya. Ma'auni ɗaya ne ga mutum biyun, hanyar samo hujja ce ta bambanta. A kan tsare kaya, na gida littafi zai yi masa magana, baƙo kuma tambaya da tabbatarwa. A kan jagoranci, baƙon ya riga ya taɓa shugabantar mutum takwas, na gida kuwa riƙon sati shida kawai ya yi, don haka a nan shi ne mai ƙarancin hujja, shi za a fi matsa wa da tambaya. A kan manhaja da ƙa'ida sai a ba su gwaji iri ɗaya a rana ɗaya: ga takardun shigar kaya da fitarsu na wata guda da aka dasa giɓin buhu 25 a ciki, kowa ya nemo inda ya ɓuya cikin awa ɗaya, ya kuma faɗi abin da zai yi idan ya gano cewa manaja ne ya ba da umarnin fitar da su da baki. A wannan gwajin kaɗai ne ya halatta a jera su kafaɗa da kafaɗa.

Idan bayan wannan baƙon ne ya yi nasara, aikin kwamitin bai ƙare ba. Baƙon da bai samu ba wasiƙar haƙuri ta ishe shi, zai nemi wani wuri. Na gida kuwa gobe da safe zai dawo, kuma shi za a ce ya nuna wa sabon shugaban makullai da littattafai. Ya cancanci a zaunar da shi kafin labari ya bazu, a gaya masa a wane ma'auni cikin huɗun ya gaza da kuma maki nawa, a faɗa masa abin da za a ba shi ya cike giɓin, kamar riƙon ɗakin ajiya ɗaya da mutum huɗu a ƙarƙashinsa na wata shida. Idan kuwa shi ya yi nasara, sai a duba albashin da aka shirya ba baƙon a ba shi irinsa, domin yawancin kamfanoni sukan ɗora wa na gida ɗan ƙari a kan tsohon albashinsa, alhali kujerar da nauyinta ɗaya ne ko wa ya zauna a kai.